Datsewar Sunayen Kaya da Ɓacewar Alamar Naira a Rasit ɗin Kantuna: Nazari a Kan Ƙananan Firintocin Zafi a Abuja

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci matsaloli biyu da ake gani a rasit ɗin kantunan Abuja: sunan kaya ya fito guntu, alamar ₦ kuma ta koma wasu baƙin haruffa. An bi hanyar lissafi ne, inda aka auna faɗin layin firinta da yawan bayit ɗin da manhaja ke aika mata. Nazarin ya nuna cewa a mafi yawan lokuta firintar lafiyarta ƙalau, kuma kowane irin aibi yana barin tabon da ke nuna inda ya samo asali. Maƙalar ta fifita sake tsara suna da fasalin layi a kan dabarun tilasta wa firinta buga alamar.

Gabatarwa

Daga shagunan magani na Garki zuwa kantunan kayan masarufi na Wuse da Utako, ƙaramar firinta mai rubutu da zafi ita ce ke fitar da rasit. Ba ta shan tawada. Takardar ce ke da sinadarin da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa shi. Abin da ake nufi a nan shi ne na'urar da ke kan teburin mai karɓar kuɗi, ko da yake na'urar POS ta cirar kuɗi ma irin wannan firinta ce a cikinta.

Batun ya shafi doka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa daga Abuja, ta nemi mai sayarwa ya ba da shaidar ciniki a rubuce mai ɗauke da suna ko bayanin kaya, farashin ɗaya, adadi, haraji da jimilla. Rasit ɗin da ya datse suna har aka kasa bambance ƙaramin gwangwani da babba bai biya wannan buƙata ba, kuma ranar da mai saye ya dawo da kaya ake gane haka.

Lissafin gurabe

Faɗin takarda iri biyu ne a kasuwa: milimita 58 da milimita 80. A mai 58, wurin da ake iya rubutu milimita 48 ne kawai, kuma kowace milimita tana ɗaukar ɗigo 8, wato ɗigo 384 a layi. Harafin yau da kullum, wanda ake kira Font A, faɗinsa ɗigo 12 ne. Idan aka raba 384 da 12 za a sami gurbi 32. A mai 80 yawanci ɗigo 576 ne, gurbi 48. Sai dai akwai tarko a nan: sanannun firintocin Epson TM-T88 takarda mai 80 suke ci, amma ɗigo 512 gare su, gurbi 42. Saboda haka cewa "tawa mai 80 ce" bai faɗi yawan haruffan da layi zai ɗauka ba.

A ɗauki misali, wanda aka ƙirƙira don nazari, na kanti mai firinta 58 da manhajar da ke cusa suna da adadi da kuɗi a layi ɗaya. Kuɗi kamar ₦125,000.00 gurbi 11 yake ci. Adadi ya ɗauki 3, tazara biyu ta ɗauki 2. Abin da ya rage wa suna 16 ne. To ga kaya biyu a rumbun bayanai: "Madarar gari mai cikakken kitse 400g" da ɗan'uwansa mai 900g, kowanne harafi 36 idan an haɗa da tazara. Dukansu za su fito a matsayin "Madarar gari mai". Abin da aka yanke shi ne ainihin abin da ya bambanta su, domin al'adar masu shigar da kaya ce su ajiye nauyi ko girma a ƙarshen suna. A shagon magani abin ya fi muni, don ƙarfin magani, 250mg ko 500mg, shi ma a wutsiya yake zama.

Kuɗin Najeriya yana ƙara matse layin. Manhajar da aka tsara don dala tana iya ware wa kuɗi gurbi 8 ko 9, wanda ya ishi $999.99 har da rara. Amma ₦12,500.00 gurbi 10 ne, ₦1,250,000.00 kuwa 13, ga sifili biyu na kwabo da ba mai biya ba mai karɓa. Idan manhajar tana yankewa daga hagu, alamar kuɗi ce ke fara tafiya, daga ita sai lambar farko, wadda ita ce mafi nauyi a farashin.

Inda alamar Naira ke ɓata

An fara kashe Naira ranar 1 ga Janairu 1973, kuma alamarta tana da lamba a tsarin Unicode, U+20A6. Waya da kwamfuta suna nuna ta ba wahala. Firintar rasit kuwa tana jin yaren umarni ne na ESC/POS, wanda kamfanin Epson ya ƙirƙira sauran kamfanoni suka kwaikwaya, kuma a yanayinta na asali bayit ɗaya harafi ɗaya ne. Tana duba kowane bayit a wani jadawali mai gurbi 256. Jadawalin da aka fi samu a kunne shi ne PC437, gadon kwamfutar IBM ta 1981. Ana sauya shi da umarnin `ESC t n`, inda a tsarin Epson 2 ke nufin PC850, 16 ke nufin WPC1252, 19 kuma PC858. Babu ₦ a ko ɗaya daga cikinsu. Don haka mai gyaran da ke ta juya jadawali yana neman Naira, neman abin da ba a ajiye ba yake yi.

Idan manhaja ta aika alamar a tsarin UTF-8, bayit uku ne ke tafiya: `E2 82 A6`. Firinta mai PC437 za ta buga `Γéª`, mai PC850 ta buga `Ôéª`, mai WPC1252 ta buga `â‚¦`. Waɗannan haruffa ba shirme ba ne, domin daga ganinsu ana iya faɗin jadawalin da ke kunne.

A nan ne matsalolin biyu suke haɗuwa. Manhaja ta ƙirga harafi 32, ta ga layi ya cika daidai. Firinta kuma ta karɓi bayit 34, ta buga 32, ta tura biyun ƙarshe layi na gaba. Sai mai saye ya ga `Γéª12,500.` a sama da `00` su kaɗai a ƙasa. Haka lamarin yake ga haruffanmu masu lanƙwasa. Harafin ƙ bayit biyu ne, `C6 99`, wanda PC437 ke bugawa `╞Ö`, don haka "ƙosai" ko "ɗanwake" a rasit ɗin gidan abinci kowanne yana ƙara gurbi ɗaya a ɓoye.

Akwai yanayi na uku da ya fi waɗannan haɗari. Firintoci da yawa da ake shigowa da su daga Sin suna zuwa da yanayin rubutun Sinanci a kunne, inda ake haɗa bayit biyu su zama harafi ɗaya. `E2 82` sai ya fito `鈧`, a bar `A6` yana neman abokin haɗi, kuma abin da ke biye da shi shi ne lambar farko ta farashi. A tsarin GB18030, irin wannan bayit idan lamba ta biyo shi, farkon jerin bayit huɗu ne. Gwargwadon yadda aka gina firintar, tana iya haɗiye lambar, 12,500 ya koma 2,500. Umarnin `FS .`, wato `1C 2E`, shi ke kashe wannan yanayi.

Gano mai laifi

Matakin farko shi ne gwajin da firinta ke yi wa kanta: a kashe ta, a danne maɓallin FEED, a kunna. Yawancinsu za su buga saitinsu, har da jadawalin da ke aiki. Na biyu, a aika mata ma'auni a matsayin zallar rubutu, a ga inda ta karya shi:

```
12345678901234567890123456789012345678901234567890
```

Daga nan sai karatun tabo. Firinta mai karɓar rubutu ba ta zubar da abin da ya yi yawa, layi na gaba take kai shi. Saboda haka sunan da ya yanke tsaf a harafi na 16 ko na 20, ba ragowarsa a ƙasa, aikin manhaja ne ko iyakar da aka sa a rumbun bayanai. Idan kuwa an tsaga harafi biyu a bakin takarda, rabinsa ya fito rabi ya ɓata, to rasit ɗin a matsayin hoto aka aiko shi, daga burauza ko direban Windows, kuma an saita faɗin shafi ya fi na firinta, misali ɗigo 576 a kan mai 384 ko 512. Alamar tambaya a gurbin ₦ tana nuna manhaja ce ta yi ƙoƙarin sauya rubutun zuwa jadawalin firinta, ta rasa alamar, ta sa `?` tun kafin ya bar kwamfuta. Ɗan akwati fanko kuma yana nufin salon rubutun da aka zana hoton da shi ne ba shi da alamar.

Tattaunawa

Ana iya buga ₦ ta gaske ta hanya biyu. Ta farko ita ce a aika layin a matsayin hoto da umarnin `GS v 0`. Kuɗinta a fili yake: layi mai tsayin ɗigo 24 a faɗin 384 bayit 1,152 ne, a maimakon 32 na rubutu, ninki 36 ke nan, kuma a firinta mai Bluetooth ana jin wannan jinkiri idan layin masu biya ya yi tsawo. Ta biyu ita ce a zana alamar a bayit 36, a loda ta da `ESC &` a gurbin wani harafi da ba a buƙata, a kunna da `ESC %`. Dabara ce mai kyau, sai dai zanen yana gogewa da an aika `ESC @` ko an ɗauke wuta, don haka dole a sake loda shi a kan kowane rasit, kuma ba kowace firintar kwaikwayo ke karɓarsa ba.

A ra'ayin wannan nazari, alamar ba ta kai a sha wannan wahala a kowane layi ba. Rasit ɗin kanti kuɗi iri ɗaya ne a cikinsa daga sama har ƙasa. Ya isa a rubuta NGN sau ɗaya a saman jerin farashi, sannan a layin VAT mai kashi 7.5 da na jimilla. Tsohuwar dabarar `=N=` gurbi uku take ci, tsirarar N kuwa ɗaya, kuma masu karanta jaridun Najeriya sun saba da ita. Gurbin da aka tsira da shi suna ya fi buƙatarsa.

Shi kuwa suna, a ba shi layinsa shi kaɗai, a kuma jawo abin bambancewa gaba:

```
Madarar gari 400g cikakken kitse
  2 x 12,500.00        25,000.00
```

Sunan ya koma harafi 32 cif, kuma ko tsohuwar manhaja ta datse shi a 16, "Madarar gari 400" ne zai fito. Ƙaramin harafi na Font B yana kai layin 58 zuwa gurbi 42, amma takardar zafi tana dushewa a rana da cikin aljihu, kuma siririn rubutu ne ke fara ɓacewa. Fasalin layi biyu yana ƙara kusan milimita 4 ga kowane kaya, wato wajen santimita 8 a rasit mai kaya 20. Kantin da ke ganin wannan ya yi yawa yana iya buɗe wani fili na daban a rumbun bayanai don gajeren sunan rasit, mai iyakar harafi 16, da sharaɗin manhaja ta ƙi karɓar gajeren suna ɗaya ga kaya biyu.