Wasiƙar Malamin Jami'a Zuwa Ga Maɗaba'a: Hujjar Littafin Aji Ɗaya

Gabatarwa

Kafin littafin karatu ya kai hannun ɗalibi, sai wata gajerar wasiƙa ta shige masa gaba, wato wadda malami ke rubuta wa kamfanin ɗab'i yana neman a buga aikinsa. Sau da yawa malamai kan cika wannan wasiƙa da tarihin karatunsu da jerin maƙalun da suka wallafa. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa wasiƙar da ta cancanci amsa ita ce wadda aka gina a kan abu uku: giɓin da ke cikin aji, tsarin zangon karatu, da lissafin kuɗin bugu. Za a gwada wannan da misalin malamin da ke son a buga masa littafin tsarin sautin Hausa don 'yan aji ɗaya na jami'a.

Nuna giɓi

Edita a kamfani irin su NNPC ta Zariya, wadda aka kafa a 1966, ko maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, ya san abin da ke kasuwa. Ya san littafin nahawu na M.K.M. Galadanci na 1976 da Ingilishi aka rubuta shi, ya kuma san Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na M.A.Z. Sani yana hannun ɗalibai tun 1999. Saboda haka idan malami ya ce babu wani littafi a fannin, ya zubar da hujjarsa tun daga sakin layi na farko. Abin da ya kamata shi ne ya ambaci magabatansa da girmamawa, sannan ya nuna takamaiman wurin da ɗalibinsa ke tuntuɓe.

Ga misali. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Ɗalibin da ya fito daga sakandare ya san bambancin garin da ake zaune a ciki da garin tuwo idan ya ji su a baki, amma idan aka ce ya faɗi abin da ya raba su, sai ya yi shiru. Amsar ita ce wasalin gaɓar farko: gajere ne a na farko, dogo a na biyu. Haka kukan yaro da kukar miya: a na farko gaɓoɓin biyu duk karin sama suke ɗauka, a na biyu kuwa gaɓar ƙarshe karin ƙasa take ɗauka. Ɗalibi ba ya ƙwarewa a wannan da karanta ma'ana kaɗai, sai da aikin gwaji mai yawa, daga sauƙi zuwa wuya. Idan malami ya rubuta cewa ya shekara biyar yana koyar da kwas ɗin, kuma a nan ɗalibansa suka fi faɗuwa, sannan kowane babi na littafinsa yana ƙarewa da aikin sa alamar kari da amsoshinsa, to ya ba edita dalilin da zai iya kai wa gaban hukumar kamfani.

Auna littafi da zango

Littafin aji ɗaya da makonni ake auna shi. Kwas mai nauyin awa biyu a mako, a zango na mako 15, awa 30 ke nan a aji. Idan aka cire makon gabatarwa da na gwaji da na bita, saura mako 12. Wannan ne ya sa babi 12 ya fi dacewa, kowane mako da babinsa: gaɓoɓin furuci, baƙaƙe, wasula, tsarin gaɓa, karin sauti, naso, ganɗantawa, har zuwa ƙa'idojin rubutu. Alamar da edita ke gane kundin digiri na uku da aka sauya wa suna da ita, ita ce babi biyar masu tsawo, na biyunsu bitar ayyukan magabata. Irin wannan ba ya koyuwa a aji ɗaya.

Akwai kuma batun manhaja. A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Wannan rabo yana da tasiri a kasuwar littafi. Littafin da ya dace da kwas na cikin kashi 70 zai iya shiga Kano da Sakkwato da Katsina da Maiduguri, amma wanda aka gina a kan kwas na cikin gida ba zai wuce ƙofar jami'a ɗaya ba. Dole wasiƙar ta faɗi sunan kwas da lambarsa, ta kuma nuna babin da ya amsa kowane jigo.

Lissafin bugu

A nan ne malamai suka fi yin shiru, alhali nan edita ya fi kasa kunne. Galibi ana buga littafi a manyan takardu da ake naɗewa su ba da shafi 16. Babi 12 masu shafi 12 sun ba da shafi 144. A ƙara 16 na gabatarwa da fihirisa da amsoshi, ya zama 160, wato naɗi goma cif. Kuɗin tace rubutu da tsara shafi da yin faranti ba ya canzawa ko kwafi nawa za a buga, don haka yawan masu saye ne ke saukar da farashi. Mu ƙaddara malamin yana da ɗalibai 200 a shekara, kuma wasu sassa huɗu sun nuna sha'awa, kowanne da ɗalibai 150. Jimilla 800 ke nan. Amma ba kowa zai saya ba; idan rabi suka saya, bugun kwafi 1,000 zai ɗauki shekara biyu da rabi kafin ya ƙare. Malamin da ya kawo wannan lissafi da kansa ya fi samun yarda a kan wanda ya ce dubban ɗalibai na jira.

Farashi ma yana da iyaka da mai injin hoton takarda a bakin ƙofar jami'a ya gindaya. Littafi mai shafi 160, idan aka buɗe shi a kan inji, ɗauka 80 ce. Da zarar farashinsa ya zarce kuɗin ɗauka 80 da nisa, ɗalibi ɗaya zai saya, sauran su kwafa. Haka kuma ya kamata wasiƙar ta gargaɗi maɗaba'a tun da wuri cewa aikin yana buƙatar haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, tare da alamomin kari a kan wasula. A littafin tsarin sauti, alama ɗaya da ta ɓace wajen bugu ta rushe darasin gaba ɗaya, don haka marubuci ya nemi a ba shi shafukan gwaji ya duba kafin a hau inji.

Wani hanzari

Za a iya cewa wannan magana ta mayar da malami ɗan kasuwa, ta kuma buɗe ƙofar tilasta wa ɗalibai saye. Tsoron yana da tushe, domin an ga inda aka ɗaure makin gwaji da sayen takardun malami. Sai dai lissafin gaskiya shi ne maganin wannan cuta. Malamin da ya yi wa kamfani alkawarin cewa duk ɗalibinsa zai saya, ya riga ya ɗauki niyyar tilastawa. Wanda ya ƙiyasta rabi, ya nemi a kai kwafi ɗakin karatu, ya yarda a aika rubutun ga masana biyu da bai san su ba su tantance, ya bar littafin ya tsaya da ƙafarsa.

Kammalawa

Wasiƙar ba ta buƙatar wuce shafi biyu, a haɗa ta da jerin babuka da babi ɗaya cikakke, kuma gara a zaɓi mafi wuya, wato na karin sauti. Ga malamin da ke shirin rubuta ta, shawara ita ce ya ajiye tarihin digirorinsa zuwa sakin layi na ƙarshe, ya fara da ɗalibin da ya kasa faɗin abin da ya raba gari da gari, domin shi ne dalilin littafin.