Dannawar ƙarshe ko rabo bisa alƙaluma: yadda ma'aunin talla ke mayar da riba asara

Duk wanda ya sayi kaya ta intanet yakan biyo wata hanya kafin ya biya kuɗi. Yana iya ganin bidiyon kayan a YouTube ranar Litinin, ya manta da shi, sannan ranar Juma'a ya rubuta sunan kayan a Google, ya danna tallan da ya fito masa a sama, ya saya. Ciniki ɗaya aka yi, amma tallace-tallace biyu ne suka taɓa mutumin, kuma kowanne mai kaya ya biya kuɗinsa. Tambayar wane talla za a rubuta wa cinikin ita ce abin da masu wannan sana'a ke kira rabon yabo, kuma ta yi kama da rigimar la'ada a kasuwar dabbobi, inda dillali ɗaya ya jawo mai saye daga bakin ƙofa, wani kuma ya sallama masa.

Ƙa'idoji biyu ne suka rage a manhajojin Google a yau. Ta farko ita ce ta dannawar ƙarshe, wadda ake gani a allo da sunan "Last click". Ita ba ta da sarƙaƙiya: tallan da mutum ya danna daga ƙarshe kafin ya saya shi ke kwashe yabon gaba ɗaya, duk waɗanda suka gabace shi ba sa samun komai. Ta biyu ita ce ta rabo bisa alƙaluma, wadda sunanta a allo "Data-driven". Ita takan duba hanyoyin da waɗanda suka saya suka bi, ta kwatanta su da na waɗanda ba su saya ba, sannan ta raba yabon gwargwadon yadda kasancewar kowane talla a hanya ya ƙara yiwuwar ciniki. A shekarar 2021 Google ya sanar da cewa wannan ta biyun za ta zama ƙa'idar da sabbin ma'aunan ciniki ke farawa da ita a Google Ads, a 2023 kuma ya janye sauran ƙa'idoji huɗu da ake da su a da, ciki har da ta dannawar farko da ta rabo daidai wa daida. Ke nan 'yan kasuwa da yawa suna kan rabo bisa alƙaluma ba tare da sun taɓa zaɓarsa ba.

Bambancin ya fi fitowa idan aka bi shi da lissafi. A ɗauka, a matsayin misali, wani shago a Kano yana sayar da fitilun sola ta shafinsa na intanet, kuma kowace fitila tana bar masa naira 10,000 kafin a cire kuɗin talla. A wata guda ya kashe naira 500,000 a tallan bidiyo, ya kashe naira 400,000 a tallan shafin bincike. Mutanen da suka danna tallansa sun kasu uku, kowane rukuni mutum 1,000. A cikin waɗanda suka danna bidiyo kaɗai, 20 ne suka saya. A cikin waɗanda suka danna tallan bincike kaɗai, 40 suka saya. A cikin waɗanda suka fara danna bidiyo sannan daga baya suka danna tallan bincike, 100 suka saya. Jimillar ciniki 160 ke nan.

A ƙa'idar dannawar ƙarshe, duk cinikin nan 100 na rukuni na uku tallan bincike ne zai ɗauka, domin shi aka danna daga ƙarshe. Zai tashi da ciniki 140, wato naira 1,400,000, a cire 400,000 da aka kashe masa, ribarsa naira miliyan ɗaya. Bidiyo zai tashi da ciniki 20, wato naira 200,000, alhali ya ci 500,000. Duk mai duba wannan rahoto zai ga asarar naira 300,000 a gaban sunan bidiyo, kuma shawarar da za ta fara zo masa ita ce ya dakatar da shi.

Rabo bisa alƙaluma kuwa yana da tushe a wani lissafi da masanin lissafi ɗan Amurka Lloyd Shapley ya wallafa a 1953, kan yadda za a raba abin da aka samu tsakanin abokan aikin da gudummawarsu ba ɗaya ba. Dabarar ita ce a tambayi abin da kowanne ya ƙara idan shi ya fara zuwa, da abin da ya ƙara idan ya tarar da ɗan'uwansa, sannan a ɗauki matsakaici. Bidiyo shi kaɗai yana kawo ciniki 20 a cikin mutum 1,000. Idan kuma aka ɗora shi a kan tallan bincike, ciniki yana tashi daga 40 zuwa 100, ƙarin 60 ke nan. Matsakaicin 20 da 60 shi ne 40. Tallan bincike shi kaɗai yana kawo 40, idan aka ɗora shi a kan bidiyo kuma yana ɗaga ciniki daga 20 zuwa 100, ƙarin 80, matsakaicinsu 60. Saboda haka cinikin nan 100 na haɗin gwiwa za a raba shi, 40 ga bidiyo, 60 ga bincike.

Da wannan rabo bidiyo ya tashi da ciniki 60, wato naira 600,000 a kan 500,000 da ya ci, ya koma mai ribar naira 100,000. Tallan bincike ya sauko zuwa ciniki 100, ribarsa ta ragu daga miliyan ɗaya zuwa naira 600,000. Ko kwabo bai ƙaru a aljihun mai shago ba: a lissafin farko da na biyu, abin da ya rage masa bayan kuɗin talla naira 700,000 ne. Abin da ya sauya shi ne sunan tallan da aka rubuta wa ribar. Lissafin da Google ke yi ya fi wannan misali sarƙaƙiya, domin yana la'akari da tazarar lokaci tsakanin dannawa da ciniki, da irin na'urar da aka yi amfani da ita, da jerin yadda tallace-tallacen suka biyo juna, kuma kamfanin ba ya nuna wa mai talla yadda ya kai ga kowane rabo. Alamarsa a rahoto ita ce ganin ciniki da ɗigo, kamar 59.6.

Rubutun suna a takarda yana da sakamako a kasafin wata mai zuwa. Idan mai shagon ya gaskata rahoton farko ya kashe bidiyo, zai tsira da naira 500,000. Amma idan da gaske bidiyon ne ke ɗaga cinikin rukuni na uku, zai rasa ciniki 20 na masu bidiyo kaɗai da ƙarin 60 ɗin nan, wato 80, waɗanda darajarsu naira 800,000 ce. Ya yi gudun asarar 300,000 da ke takarda ya faɗa asarar 300,000 ta gaske. Kuma ba mutum kaɗai ke yanke irin wannan hukunci ba, domin tsarin Google mai saka farashin talla da kansa yana bin alƙaluman ƙa'idar da aka zaɓa ne wajen karkata kuɗi. Wannan shi ne sanannen aibin dannawar ƙarshe: tana fifita tallan da ke tsaye a bakin ƙofar ciniki, kamar tallan da ke fitowa idan an rubuta sunan shagon, da wanda ke bin mutumin da ya riga ya ziyarci shafin, tana tauye wanda ya fara sanar da mutane cewa kayan na nan.

Sai dai shi ma rabo bisa alƙaluma yana da nasa rami, kuma ramin yana cikin kalmar "idan" da ta zo a sama. Mutanen da suka danna talla biyu mai yiwuwa ne tun farko su ne suka fi buƙatar fitilar, buƙatar ce ta sa suka danna duka biyun, da ma ko ba bidiyo za su saya. Alƙaluman hanya suna nuna abin da ya zo tare da ciniki, ba sa tabbatar da abin da ya haddasa shi. Kamfanin eBay ya gwada wannan a 2012. Masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, sun bi diddigin abin da ya faru da aka dakatar da tallan bincike na kamfanin, suka wallafa sakamakon a mujallar Econometrica a 2015. Da aka daina biyan talla a kan sunan eBay, kusan duk masu neman shafin sun iso ta sakamakon bincike na kyauta da ke ƙasa da tallan. Da aka dakatar da sauran tallan bincike a wasu yankunan Amurka aka bar shi a wasu, an gano cewa yana tasiri a kan sababbin masu saye da masu saye jefi-jefi, amma akasarin kuɗin yana tafiya ne a kan tsofaffin kwastomomin da da ma za su saya. A rahoton dannawa duk waɗannan tallace-tallace masu riba ne.

Akwai kuma iyakar abin da kowace manhaja ke iya gani. Google Ads tsakanin tallan Google kawai yake rabo. Meta, mai Facebook da Instagram, yana nasa lissafin daban, inda a tsarinsa na asali yake ɗaukar cinikin da ya auku cikin kwana bakwai da dannawa ko kwana ɗaya da ganin talla. Shi ya sa ciniki ɗaya kan bayyana a rahoton kamfanoni biyu, kowanne yana cewa nasa ne. Tun daga 2021 kuma, da Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin su bi sawun mai iPhone, wani ɓangare na hanyar ya ɓace, ana cike gurbinsa da ƙiyasi. A kasuwannin arewacin Najeriya giɓin ya fi haka girma, domin ciniki da yawa a WhatsApp ake ƙulla shi, a tura kuɗi ta banki ko a biya a hannu, talla a rediyo da shawarar aboki kuwa babu ƙa'idar da ke ganinsu. Shagon da cinikinsa na intanet bai wuce goma sha wani abu a wata ba shi ma ba shi da isassun hanyoyin da za a kwatanta, rabon da zai samu yakan yi ta tangal-tangal daga wata zuwa wata.

Mai son tantance rahoton da aka miƙa masa, ko mai shago ne ko ɗan jarida mai bin kuɗin tallan wata hukuma ko ƙungiya, yana da gwaji uku. Na farko, ya tambayi ƙa'idar da aka yi amfani da ita da ranar da aka fara, domin tallan da ribarsa ta yi tsalle a wata guda alhali jimillar ciniki ba ta motsa ba, ma'auni ne aka sauya masa. Rahoton "Model comparison" a Google Ads yana jera ƙa'idojin biyu gefe da gefe, kuma tallan da alƙalumansa suka fi bambanta tsakaninsu shi ya fi cancantar a bincika. Na biyu, ya haɗa cinikin da duk manhajojin suka yi iƙirari ya kwatanta da littafin shago ko bayanan banki. Idan iƙirarin ya zarce abin da ya shigo, an ƙirga wani ciniki sau biyu. Na uku shi ne irin na eBay: a dakatar da bidiyon a Kaduna na mako huɗu a bar shi a Kano, a kauce wa lokacin azumi da sallah da ciniki ke sauyawa da kansa, sannan a duba yadda cinikin kowane gari ya motsa idan aka kwatanta da makonnin baya. Idan na Kaduna ya faɗi na Kano bai faɗi ba, bidiyon na aiki, kuma girman faɗuwar shi ne abin da za a auna da kuɗin da yake ci. Idan bai faɗi ba, naira 500,000 ɗin tana da wurin da ya fi dacewa da ita, ko da wace ƙa'ida ce ta ba shi yabo.