Sake Rubuta Takardar Bayanin Aiki da Hausa: Nazari a kan Muƙamin Malamin Arabiyya a Makarantun Zangon Ankara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake mayar da takardar bayanin aiki daga Turanci zuwa Hausa a unguwannin Nima, Mamobi da Kawukudi, inda ta ɗauki muƙamin malamin Arabiyya a matsayin misali. Hujjarta ita ce, fassara tsantsa ba ta wadatarwa, domin takardar asali kan bar al'amura a dunƙule, kuma warware su hukunci ne da ke hannun mai ɗaukar aiki, ba hannun tafinta ba.

Gabatarwa

Tun daga 1987, lokacin da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana, makarantun Islamiyya masu yawa suka karɓi tsarin da ya haɗa karatun boko da na Arabiyya a rufi ɗaya, inda gwamnati ke turo hedimasta da malaman boko tana biyansu, mai makaranta kuwa, wanda galibi shi ko mahaifinsa ya assasa ta, yana riƙe da mallakarta da kuma martabarsa a idon iyayen yara. Malamin Arabiyya a tsakanin waɗannan biyu yake zaune. Takardar aikinsa, idan ma an ba shi, da Turanci take zuwa, domin shi ne harshen hukuma, alhali shi da Larabci ya yi karatu, da Hausa kuma yake mu'amala. Hausar nan kuwa, duk da cewa ita ce harshen kasuwa da masallaci a zango, kuma gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa labarai da ita, ba ta cikin harsuna 11 da Ofishin Harsunan Gana ke wallafa littattafai da su, saboda haka babu wani daidaitaccen isɗilahi na ofis da mai fassara zai jingina da shi.

Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta wajabta a sashe na 12 cewa aikin da zai kai wata shida a ƙulla shi a rubuce, sashe na 13 kuma ya ba mai ɗaukar aiki wata biyu daga ranar farawa ya miƙa wa ma'aikaci bayanin muhimman sharuɗɗa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta maganar ijara a Risala ta Ibn Abi Zaid, domin fuƙaha'u sun sharɗanta sanin lada da sanin aiki ko wa'adinsa, suna ƙin jahilci da garari a cikin ƙulli. Hanyar da aka bi a nan ita ce ta nazarin matani: an tsara samfurin takarda bisa siffar da aka saba gani a irin waɗannan makarantu, ba ta wata makaranta takamaimai ba, aka bi ta sashe sashe.

Ayyuka

Jimlar farko a irin wannan takarda takan ce malami shi ke da alhakin koyar da Arabiyya da tarbiyyar ɗalibai. Idan aka fassara ta haka, jimla ce mai daɗin ji wadda ba za a iya kama kowa da saɓa mata ba, domin ba ta ambaci aji ba, ba ta ambaci lokaci ba, ba ta kuma bar wata alama da za a gane an yi ko ba a yi ba. Gyaranta shi ne a nemi abu huɗu a kowace jimla: mai aikatawa, aikin da ido ke iya gani, lokacinsa, da shaidarsa. Sai ta koma kamar haka: «Malamin Arabiyya zai koyar da aji huɗu, biyar da shida na firamare, darasi uku kowane aji a mako, bisa jadawalin da hedimasta ya liƙa, zai rubuta shirin darussan mako ya kai wa hedimasta ranar Litinin kafin a shiga aji.» Wanda ya sake rubutun ya tilastu ya nemo adadin darussa da ranar miƙa shiri, abubuwan da babu su a asali, kuma bai halatta ya ƙago su ba; dole ya koma ga masu makaranta ya tambaya, sau da yawa kuwa a nan ake gano cewa su kansu ba su taɓa yin ittifaƙi a kai ba.

Tarko mafi haɗari a nahawun Hausa shi ne wakilin suna na wanda ba a ambata ba. Turancin ofis na son jimlar da ke ɓoye mai aiki, Hausa kuma tana karɓarta cikin sauƙi da «a riƙa» ko «za a», har ma mai fassara na ganin ladabi ne, tunda ba a cika fuskantar malami da umarni kai tsaye ba. Amma «a riƙa kiran sunayen yara kowace safiya» na iya hawa kan malamin aji, ko na Arabiyya, ko ɗan ajin da aka naɗa shugaba, kuma ranar da aka samu rajista babu komai, kowannensu yana da uzuri ingantacce. Ladabi yana da muhallinsa a gaisuwar buɗe takarda. A cikin jerin ayyuka kuwa, a ambaci muƙamin da sunansa a farkon kowace jimla, ko da maimaicin ya gundura.

Darajar umarni ma tana bukatar tsayayyen ma'auni, kuma a nan malamin zaure ya fi ma'aikacin ofis kayan aiki, domin ya saba da rarrabe wajibi da mustahabbi da halal. A ware «wajibi ne» ga abin da barinsa ke jawo horo, «an so» ga abin da ake yabawa kawai, «yana da izini» ga abin da aka bar wa zaɓinsa, a kuma bayyana haka a saman takarda, domin «ya kamata» tana yawo tsakanin ukun.

Sai jimlar nan ta ƙarshe da ba a rasa ta, wadda ke cewa da duk wani aiki da aka ɗora masa. A zango tana iya haɗiye karatun Asabar da Lahadi, da shirya yara don Maulidi, da limancin Azahar, har da rakiyar mai makaranta wurin ɗaurin aure. Sashe na 33 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade aiki da awa 8 a rana ko 40 a mako, sashe na 42 kuma ya tanadi hutun awa 48 a jere cikin kowane kwana bakwai, don haka jimlar na bukatar linzami: aikin ya danganci koyarwa, ya faɗo cikin lokacin makaranta, ya fito daga wanda aka ambata. Karatun ƙarshen mako, idan ana so, a ba shi sakin layinsa da ladansa.

Wa ke da iko

Takardar Turanci takan wadatu da layi ɗaya, cewa malami yana kai rahoto ga hedimasta, Hausa kuma takan mayar da shi «yana ƙarƙashin hedimasta». Wannan lafazi ya faɗi fiye da abin da ake nufi ta wata fuska, domin kunnen Bahaushe na jin ƙasƙanci a cikinsa, musamman idan malamin dattijo ne mahaddaci, hedimastan kuwa matashi ne da hukuma ta turo, wataƙila ma ba Musulmi ba. Ya kuma faɗi ƙasa da abin da ake nufi ta wata fuskar, domin bai ce komai game da mai makaranta ba, wanda a haƙiƙa shi ya kirawo malamin, kuma idan ba gwamnati ke biyansa ba, daga hannunsa alawus ke fita.

Abin da ya fi dacewa shi ne a fasa dangantakar zuwa tambayoyi, a ba kowace amsa guda. Wa ke tsara masa lokaci da duba shirin darasi? Hedimasta. Wa ke zaɓar littattafan addini? Mai makaranta, cikin iyakar manhajar da Sashen Ilimin Musulunci ya amince da ita. Wa ke ba shi izinin fashi? Hedimasta idan bai wuce kwana biyu ba, a samfurinmu, in ya wuce sai da sa hannun su biyun. Wa ke iya yi masa gargaɗi a rubuce ko ya sallame shi? Wanda ya ɗauke shi, kuma a rubuta sunan muƙaminsa. Tambaya ta biyar ita aka fi mantawa, wato ina zai nufa idan umarnin biyun ya ci karo, misali mai makaranta ya ce a tsawaita hadda har ta ci darasin lissafi. Amsar da ta fi kusa ita ce ya bi jadawali a ranar, a kai maganar gaban kwamitin gudanar da makaranta.

Al-Mawardi, a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya raba wazirci gida biyu, na tafwili wanda aka sakar wa ikon yanke hukunci da ra'ayinsa, da na tanfizi wanda zartarwa kawai yake yi. Rabon nan yana da amfani ƙwarai a takardar ƙaramin muƙami, domin a gaban kowane aiki ana iya nuna ko malami zai yanke da kansa, ko zai yanke ya sanar, ko sai ya nemi izini tukuna. Sauya wa yaro wurin zama nasa ne. Kiran uban yaro sai ya sanar. Mayar da yaro gida sai da izini.

Cancanta

Nan magana gajeriya ce. A raba sharaɗin da babu ɗauka sai da shi da ƙarin falala, a kuma faɗi yadda za a gwada kowanne. «Ya iya Larabci» ba ma'auni ba ne. «Ya karanta shafin da ba shi da wasali, ya fassara shi da Hausa a gaban kwamiti» ma'auni ne. A ambaci ruwaya, domin wanda ya sauke a allo da Warshu zai iya tarar da yara na karatu da Hafsu. A kuma fayyace ko ijaza daga malami sananne na tsayawa a madadin takardar shaidar makaranta, tare da bayyana cewa ba ta zama lasisin Majalisar Koyarwa ta Ƙasa ba, wanda doka mai lamba 1023 ta 2020 ta sa a hannun majalisar.

Gwaji da iyakokinsa

An saba gwada fassara ta hanyar ba wani ya mayar da ita Turanci a kwatanta, amma wannan kalmomi yake aunawa, jimla mai duhu kuwa takan je ta dawo da duhunta lafiya lau. Ya fi amfani a karanta takardar da murya, tunda da yawa daga masu jin Hausa a Ankara ba su saba karanta ta da boko ba, sannan a tambayi malami da hedimasta da mai makaranta, kowa shi kaɗai, tambayoyi irin su: ɗan malami ya kwana da zazzaɓi, wa malamin zai kira da safe? Inda amsoshi suka saɓa, nan sakin layin bai nuna ba tukuna.

Hausar zango tana da nata hali da ya kamata a kiyaye. Ba ta cika rarrabe namiji da mace a nahawu ba, don haka jimlar da ta dogara da «shi» da «ita» don bambance hedimasta mace da malami namiji na iya rikicewa. Maimaita sunan muƙami ya magance wannan. Kalmar da aka ɗauko daga jaridun Kano wadda ba a jin ta a Nima gara a bar ta, a ɗauki wadda mutane ke faɗa ko da aro ce.

Saura batun wane matani ne hujja idan an je gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Tunda da Turanci ake shari'a, duk abin da aka fayyace a Hausa wajibi ne a mayar da shi cikin takardar Turanci, a ba sakin layukan biyun lamba iri ɗaya, a sa hannu a kansu rana ɗaya, in ba haka ba malami zai riƙe takarda mai cewa darasi tara a mako, fayil ɗin ofis kuwa yana nan da tsohuwar jimlarsa ta alhakin koyarwa da tarbiyya.