Yadda za ku jera tarihin kwanciyar asibiti bisa kwanan wata

Idan mara lafiya ya daɗe a kwance, takardunsa kan taru: sakamakon gwaji, rasit, takardar magani da takardar sallama. Likitan da zai karɓe shi a gaba yana buƙatar sanin abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya, domin jerin ne ke nuna musabbabi. Shafi ɗaya ya isa.

Ku raba shafin gida uku: kwanan wata, abin da ya faru, da takardar da ta nuna hakan. Ranar kwanciya ita ce Rana ta 1, amma ku fara daga ranar da ciwon ya soma a gida, har da maganin kemis ko na gargajiya da aka sha. Ku rubuta manyan sauye-sauye kawai: sabuwar alama, gwaji, fara magani ko dakatar da shi, ƙarin jini, tiyata, da sauya asibiti.

Ga misali. A ce an kwantar da magidanci a Asibitin Zana da ke Fagge saboda amai da gudawa, daga baya aka tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano:

- Kwana 2 kafin kwanciya: gudawa ta fara, ya sha diklofenak saboda ciwon jiki.
- Rana ta 1: an kwantar da shi, an sa ƙarin ruwa.
- Rana ta 2: fitsari ya ragu sosai, an ɗebi jinin gwajin ƙoda.
- Rana ta 3: an fara sabuwar allura, sakamako ya nuna ƙoda ta taɓu.
- Rana ta 4: an tura shi wurin likitocin ƙoda.

Ku lura da Rana ta 3. Wanda ya bi ranar fitowar sakamako zai zargi allurar, alhali an ɗebi jinin tun kafin a fara ta. Sai hankalin likita ya koma kan ƙarewar ruwan jiki da diklofenak, waɗanda duka kan cutar da ƙoda. Saboda haka, ku ajiye kowane gwaji a ranar da aka ɗebi jinin.

Haka ma rasit: ranar sayen magani yake nunawa, ba ranar ba da shi ba. Wannan tana cikin takardar da nas ke sa hannu, sai ku tambaye ta. Lambar sakamako kuwa, ku kwafe ta tare da ma'aunin da ke gefenta, domin ɗakunan gwaji sun bambanta.

Ainihin fayil yakan zauna a asibiti, don haka kafin sallama ku nemi likita ya duba jerin naku. Inda takardu biyu suka saɓa, ku rubuta ranakun biyu. Abin da majinyaci ya tuna da ka, ku rubuta "daga baki" a gefensa. Ku tafi da shafin tare da takardun, domin jagora ne, ba madadinsu ba.