Shirya tufafi a akwati da wanki a kan hanya

Matafiyin da ya tashi daga Madarunfa zuwa Yamai sai ya fara biyawa ta Maraɗi, sannan ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 a babbar mota. Akwatinsa kan wuni a ƙarƙashin mota, an jibga masa wasu kaya, ga zafi. Nauyi da zafi su ne ke mayar da ninki ya zama layin da ba ya fita sai da guga, musamman a shadda, domin auduga ce da aka yi wa sitati da bugu.

Yadda ake jerawa

A ɗauki misalin mai zuwa biki na kwana huɗu da babbar riga guda, kaftani biyu da ƙananan kaya. Takalma da duk abu mai nauyi a gefen tayoyin akwati ake sa su, domin nan ne ƙasa idan an tsayar da shi. Singileti, gajeren wando da tawul nannaɗe su ake yi kamar tabarma, a cike gurabe da su har saman ya daidaita. Shadda kuwa ba a nannaɗe ta. Ana bin ninkin da mai bugu ko mai guga ya yi mata, a bar ta da faɗi daidai akwatin, aikin wuya yana ciki, a ɗora ta a ƙarshe cikin leda. Ledar na barin yadin ya zame maimakon ya tattare. Hula kuma a cusa mata safa don kada ta lotse.

Idan sai an danne murfi da gwiwa kafin zif ya rufu, kaya sun yi yawa. Idan kuma ana jin suna motsi, a ƙara zane a sama. Da an sauka, a fito da rigar a rataye ta kwana.

Wanki a masauƙi

Sabuwar shadda ba a jiƙa ta a hanya, domin ruwa na tafiya da ƙyallinta, kuma sai an sake bugu take komawa kusa da yadda take. Idan miya ta ɗiga, a dangwale wurin kawai da jiƙaƙƙen ƙyalle da ɗan sabulu, ba tare da cuɗawa ba. Rinannen yadi ko atamfa a fara goga farin ƙyalle mai laima a bakinsa ta ciki. Idan ya ɗauki launi, yana zuba, sai a wanke shi shi kaɗai, a shanya a inuwa.

Ƙananan kaya ake wankewa da yamma, a naɗe su cikin tawul a matse. Da hunturu sun bushe kafin safiya, amma da damina sukan kwana da laima. A taɓa ɗinki da bakin wando: idan da sanyi, ba su bushe ba. Irin waɗannan a riƙe su a jaka dabam, domin a rufaffen akwati suna wari, har su jawo wa shadda fumfuna.