Iskar da ke Tsakanin Layukan Yatsa: Nazarin Na'urorin Buɗe Waya

Zanen yatsa tudu ne da kwari, kuma tazarar da ke tsakanin tudu da mai bi masa kusan rabin milimita ce. Idan yatsa ya taɓa gilashi, tudun ne ke mannewa, kwarin kuwa iska ce a cikinsa. Duk na'urorin da ke buɗe waya da yatsa bambancin fata da wannan iska suke nema, kowace ta hanyarta. Shi ya sa ruwa da ƙura ba ɓarna iri ɗaya suke yi ba. Ruwa yana korar iskar daga kwari, su kuwa ƙura da bushewar fata suna shigar da iska ƙarƙashin tudun da ya kamata ya manne.

Na'urar gefen waya, wadda ke cikin maɓallin kunnawa, ita ce aka fi gani a wayoyin Tecno da Infinix masu sauƙin kuɗi, kuma Sony ta sa irinta a Xperia Z5 tun 2015. Cajin lantarki take aunawa tsakanin fata da ɗimbin ƙananan faranti da ke cikinta. A busasshen yatsa mai tsabta tana da sauri ƙwarai. Rauninta ruwa ne, domin ƙarfin ruwa wajen riƙe caji ya ninka na iska kusan sau 80, gumi kuma ga gishiri a ciki. Da zarar ɗigo ya cika kwarin, sai na'urar ta ga ko'ina tudu. Ga shi kuma siririya ce, wani yanki kaɗan na yatsan take karantawa, don haka ɗan laima ya isa ya shafe mafi yawan abin da za ta kwatanta.

Mai aiki da haske tana ƙarƙashin fuskar waya, kuma Vivo ta fara sayar da irinta a 2018. Fuskar ce ke haska yatsan, wata 'yar kyamara ta ɗauki hotonsa daga ƙasa. Ruwa yana dusashe hoton, amma abin da ya fi gigita ta shi ne bushewa da datti. Fatar da hunturu ya busar ba ta kwanciya a kan gilashi, sai layukan su fito a yanke, ƙura kuma ta tare hasken.

Ta ukun sauti take harbawa, wanda kunne ba ya ji, ta saurari amon da ya dawo. Samsung ta sa ta Qualcomm a Galaxy S10 a 2019. Inda sautin ya ci karo da iska, kusan dukansa ne ke dawowa. Inda ya sami fata, sai ya shige. Sauti yana ratsa siririn laima da maiƙo, don haka gaskiya ne ta fi sauran jure danshi. Sai dai masu talla sun ƙara gishiri. Ga sauti, ruwa da fata kusan abu ɗaya ne, saboda haka idan ruwa ya cika kwarin taf, bambancin nan ma raguwa yake yi. Yatsa mai danshi daban, yatsa mai ɗigar ruwa daban. Kuma tunda iska ce ke mayar da sautin, duk gilashin kariyar da ya bar iska a ƙarƙashinsa yana makantar da ita. A Oktoban 2019 ma an gano cewa wata robar kariya kan sa S10 ta buɗe da yatsan kowa, har sai da Samsung ta gyara manhajar.

A ɗauki magini a watan Janairu, hannunsa ya sha siminti, wayarsa mai aiki da haske ta ƙi shi. Idan ya nace, bayan kuskure biyar Android kan dakatar da shi na daƙiƙa 30. Sai ya fara goge gilashin da kuma yatsan, domin ya cire zargin ƙura. In ta sake ƙi, ya hura wa yatsan hucin bakinsa ya gwada. Ta buɗe? To bushewa ce matsalar, maganinta ɗan man shafawa da dare, da sake yi wa yatsan rajista yana a wannan hali na hunturu. In ko da huci ta ƙi, amma ta karɓi wani yatsan da ya yi wa rajista, simintin ne ya cinye tudun, sai an jira fata ta farfaɗo. Mai na'urar gefe da ya idar da alwala kuwa akasin haka zai yi: ya tsane yatsa da maɓallin duka, don laimar da ta rage a kan maɓallin ita ma tana hana buɗewa.

A ganina, mai yawan taɓa ruwa ya fi amfana da mai sauti, in aljihu zai ɗauka. Mai aiki cikin ƙura kuwa na'urar gefe ta fi masa, domin babu gilashin kariya a kanta, kuma shafa ɗaya da gefen riga ya isa ya tsabtace ta.