Dakatar da asusun mai sayarwa a Amazon: dalili, ɗaukaka ƙara da rigakafi

Ɗan kasuwar da ke sayar da kaya ta Amazon kan iya wayar gari ya tarar an dakatar da asusunsa, an sauke hajarsa daga shafin, an kuma riƙe kuɗin cinikinsa, wani lokaci har tsawon kwana 90. Idan koken masu saye ne ya jawo hakan, akwai ma'auni guda da ya kamata ya fara dubawa.

Yadda koke ke zama dakatarwa

A shafin Seller Central, a sashen Account Health, akwai adadin da ake kira Order Defect Rate, wato kason odar da ta samu tangarɗa cikin kwana 60. Abu uku ne ke shiga lissafin: ra'ayin mai saye da ya ba da tauraro ɗaya ko biyu, neman diyya ta tsarin A-to-z Guarantee, da janye kuɗi ta bankin mai kati. Ƙa'idar kamfanin ita ce adadin ya tsaya ƙasa da kashi 1 cikin 100.

A ɗauki misalin mai sayar da man kaɗanya da ya aika oda 300 cikin kwana 60. Zafi ya narkar da man a hanya, ya tsiyaye daga wasu robobi. Mutum biyu suka ba da tauraro ɗaya, ɗaya ya nemi diyya, wani kuma ya janye kuɗinsa ta banki. Oda huɗu cikin 300 ta kai kashi 1.33, ta haura iyaka. Ko da uku ce, ta cika kashi 1 daidai. Ke nan ƙaramin ɗan kasuwa ya fi shiga haɗari, domin koke ƙalilan ya isa ya rufe masa shago.

Yadda ake ɗaukaka ƙara

Matakin farko shi ne karanta sanarwar dakatarwar a tsanake, domin a cikinta ake faɗin ƙa'idar da aka saɓa. Daga nan sai a tura ƙarar ta sashen Account Health. Sau da yawa akan nemi takardar da ake kira Plan of Action, mai ɓangare uku: tushen matsalar, gyaran da aka riga aka yi, da matakin hana ta sake aukuwa.

Ba roƙo ko rantsuwa masu dubawa ke nema ba, hujja suke so. Idan mai man kaɗanya ya rubuta cewa masu saye sun zalunce shi, ko ya ce zai ƙara kula, da wuya ƙarar ta karɓu. Abin da ya dace shi ne ya kawo lambobin odar huɗu, ya bayyana cewa murfin robobin ba shi da liƙi a ciki. Sannan ya nuna ya mayar wa mutanen kuɗinsu, ya kuma dakatar da sauran kayan da aka zuba a irin wannan roba. A ƙarshe ya faɗi sabon tsarinsa: roba mai liƙaƙƙen baki, leda ta biyu a waje, da gwada kowane rukuni kafin a aika. Ya haɗa da hotunan sabon mazubin da rasitin sayensa.

Idan koken na zargin jabu ne, rasitin sari daga dilan da aka sayi kayan shi ne babbar hujja, kuma akan nemi na cikin kwana 365 da suka wuce. Sauya ko da harafi ɗaya a jikin rasiti laifi ne da kan kai ga rufe asusu dindindin. Haka nan buɗe sabon asusu a asirce ba mafita ba ne, domin da zarar an gano alaƙarsa da na farko, shi ma za a rufe shi. Idan aka ƙi ƙarar, a gyara abin da amsar ta nuna ya gaza kafin a sake turawa.

Hana maimaituwa

Galibin neman diyya yakan faro ne daga saƙon da ba a amsa ba. Mai saye yakan tuntuɓi mai kaya tukuna, kuma idan awa 48 ta wuce ba a warware ba, yana iya kai ƙara. Amsa saƙo cikin awa 24 da mayar da kuɗi nan take kan kashe maganar kafin ta shiga lissafi. An haramta bai wa mai saye kyauta ko rangwame domin ya goge ra'ayinsa.

Wanda ke aika kaya da kansa yana da wasu iyakoki biyu: jinkirin aikawa ya tsaya ƙasa da kashi 4, soke oda kuma ƙasa da kashi 2.5. Idan koke iri ɗaya ya zo sau biyu a kan haja guda, gara a sauke ta har sai an gano dalili, domin asarar cinikin haja ɗaya ta fi sauƙi a kan rufe shagon baki ɗaya.